Kwafi minti 40, rabuwa minti 20: bambancin rabuwar bakteriya gida biyu da maitosis

Akwai wani lissafi da ya kamata ɗalibin ajin farko ya fara da shi kafin ya haddace jadawalin bambance-bambance. Bakteriyar Escherichia coli, wadda ke zaune a hanjin mutum, tana da kuromosom guda ɗaya mai siffar zobe, mai ɗauke da haruffan DNA kusan miliyan 4.6. Tana fara kwafe shi daga wuri ɗaya, aikin ya tafi ta ɓangare biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane ɓangare yana cin haruffa kusan 1,000 a daƙiƙa. Raba miliyan 4.6 gida biyu, ka samu miliyan 2.3. Raba wannan da 1,000, ka samu daƙiƙa 2,300, wato minti 38 da ɗan kai. A ce minti 40. Bayan an gama kwafi, ƙwayar tana buƙatar ƙarin minti 20 kafin ta rabe. Jimla minti 60.

To amma idan aka ba wannan bakteriya abinci mai kyau a zafin digiri 37, yawanta yana ninkawa duk bayan minti 20. Ta yaya aikin da ke cin awa guda zai riƙa fitar da sabuwar ƙwaya kowane minti 20? Wanda ya gane amsar wannan tambaya ya gane asalin abin da ya raba tsarin bakteriya da maitosis, wato yadda ƙwayoyin jikinmu ke raba kuromosom ɗinsu kafin su rabu, domin dabarar da bakteriya ke yi a nan ita ce ainihin abin da ƙwayoyin jikinmu suka haramta wa kansu.

Kafin a ci gaba, a daidaita kalmomi. Ƙwayar halitta ita ce sel, kuma da wannan sunan za a kira ta daga nan. Sel ɗin bakteriya ba shi da nukiliyas, wato DNA ɗinsa ba ya cikin wata jaka ta musamman. Yana tattare ne a wani yanki na cikin sel da ake kira nukiliyod. Sel ɗin mutum da na dabba da na tsiro da na yis suna da nukiliyas, su ne yukariyot. Rabuwar da bakteriya ke yi, wadda ake kira bainari fishin, za mu ce mata rabuwa gida biyu.

Yadda E. coli ke rabuwa

A kan zoben kuromosom akwai wuri guda da ake kira oriC, nan ne mafarin kwafi. Wani furotin mai suna DnaA yana taruwa a wurin, idan ya kai yawan da ake buƙata sai ya buɗe igiyoyin DNA biyu da ke murɗe da juna. Daga nan enzayim mai warware murɗi ya shiga, mai kwafi ya bi bayansa. Wurin da igiyar ke buɗewa ana kwafe ta shi za mu kira bakin kwafi. Baki biyu ne suke tashi daga oriC, su zagaye zoben ta fuskoki biyu, su haɗu a can ɗaya gefen, a yankin da ake kira ter.

Ga wurin da ɗalibai da yawa ke kuskure: suna zaton sai an gama kwafi sannan a fara raba kwafin biyu. Ba haka abin yake ba. Jim kaɗan bayan an kwafe oriC, sababbin oriC biyun suna fara nesa da juna, alhali bakunan kwafi ba su ko kai rabin hanya ba. Kwafi da rabawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, sel kuma yana ƙara tsawo a lokaci guda. Tsoffin littattafai sun ce kuromosom yana manne da tantanin sel, tsawon da sel ke yi ne yake jan kwafin biyu su rabu. Wannan bayani ya gaza, saboda an auna an ga oriC yana tafiya da sauri fiye da yadda sel ke ƙara tsawo. Akwai furotin da ke wannan aiki. A E. coli akwai MukBEF mai tattara DNA ya dunƙule shi, kamar yadda ake naɗe doguwar igiyar guga don kada ta harɗe. A wasu bakteriya, irin su Caulobacter, akwai tsarin ParABS da ke kama DNA kusa da mafari ya kai shi ƙarshen sel.

Zobe yana da tasa matsalar. Idan aka kwafe igiya mai murɗi wadda ba ta da baki, zobba biyun da suka fito sukan kasance a sarƙe da juna kamar ƙawanya biyu a jikin sarƙa. Ja ba zai raba su ba. Enzayim da ake kira tofo'aisomares na huɗu shi ke yanke zobe ɗaya, ya wuce da ɗayan ta cikin yankan, ya sake ɗinkewa. Idan wannan enzayim bai yi aiki ba, sai a ga DNA ya taru dunƙule guda a tsakiyar sel, ya kasa rabuwa.

Yanzu amsar lissafin farko. A shekarar 1968 Stephen Cooper da Charles Helmstetter suka bayyana cewa bakteriya mai saurin girma ba ta jira zagaye ɗaya na kwafi ya ƙare kafin ta fara wani. Mu bi agogo. A minti na 0, oriC ɗaya ya tashi, ya zama biyu. A minti na 20, bakunan farko suna tsakiyar hanya, amma oriC biyun nan sun sake tashi, sun zama huɗu. A minti na 40, bakunan farko sun iso ter, kuromosom ya zama biyu cikakku, kuma a daidai lokacin oriC huɗun suka sake tashi, suka zama takwas. A minti na 60 sel ya rabe, kowace 'ya ta tafi da kuromosom guda wanda tuni yake da oriC huɗu a jikinsa, ana tsaka da kwafe shi.

Duba abin da wannan ke nufi. Sel ɗin da ya rabe a minti na 60 an haife shi ne a minti na 40, uwarsa a minti na 20, kakarsa a minti na 0. Wato kwafin da ya raba wa 'ya'yansa tun ranar haihuwar kakarsa aka fara shi. Tsakanin minti na 40 da na 60, idan ka ƙirga, za ka samu oriC takwas, ter biyu, da bakunan kwafi 12 suna aiki a lokaci guda cikin sel da tsawonsa bai wuce 'yan maikuromita ba. Saurin kwafin bai ƙaru ba, minti 40 ɗin na nan yadda yake. Abin da ya canja shi ne yawan lokutan da ake tayar da sabon zagaye. Kamar mai tuyar masa ce: kowace masa tana cin lokacinta kafin ta nuna, amma da yake gurabun tanda suna da yawa kuma ba a lokaci ɗaya aka zuba ƙullun ba, masa ba ta yankewa.

Daga nan lissafin girma yake da sauƙi. Bayan ninki n, yawan sel shi ne N = N₀ × 2ⁿ. Sel 1,000 a cikin abincin da aka bari da ɗumi na awa 4, idan yanayi ya yi musu daidai, sun ninka sau 12, sun zama 4,096,000. Sai dai minti 20 ba doka ba ce ga kowace bakteriya. Mycobacterium tuberculosis, mai kawo tarin fuka, tana ɗaukar awa 15 zuwa 20 kafin ta ninka sau ɗaya, shi ya sa idan aka shuka majinar maras lafiya a ɗakin gwaji ake jiran makonni kafin a ga tsiro.

Zoben da ke yanke sel, da yadda yake gane tsakiya

Yankan kansa aikin wani furotin ne mai suna FtsZ. A shekarar 1991 Erfei Bi da Joe Lutkenhaus suka nuna cewa yana taruwa ya yi zobe a tsakiyar sel, ta cikin tantani. FtsZ ɗan'uwan tubulin ne, furotin ɗin da sel ɗinmu ke gina igiyoyin mazarin maitosis da shi, wato igiyoyin da ke jan kuromosom. Zumuntar gaskiya ce, siffarsu ta yi kama kuma dukansu suna amfani da sinadarin GTP mai ba da ƙarfi. Amma a kula: aikinsu a rabuwa ya sha bamban. Tubulin yana raba kuromosom, FtsZ kuwa yana raba jikin sel. Ɗalibin da ya rubuta cewa FtsZ shi ne mazarin bakteriya ya haɗa zuri'a da sana'a.

Zoben FtsZ ba shi kaɗai yake shaƙe sel ba. Bakteriya tana da bango mai tauri na feftidogilaikan, ga kuma matsin ruwa daga ciki yana tura tantani waje. Don haka zoben yana zama kamar layin da magini ya ja: furotin FtsA da ZipA suna ɗaure shi a tantani, sannan ya kira enzayim masu gina bango, musamman FtsW da FtsI, su yi ta aza sabon bango daga gefe zuwa tsakiya har ya haɗe. Bayan haka wasu enzayim su tsaga sabon bangon ta tsakiya, 'ya'ya biyu su rabu.

Ta yaya zoben yake gane tsakiya? Da hani biyu. Na farko tsarin Min ne. Furotin MinC yana hana FtsZ taruwa, MinD da MinE kuma suna sa shi kai-komo daga wannan ƙarshen sel zuwa wancan, zagaye ɗaya cikin kusan minti guda. Tun da mafi yawan zamansa a ƙarshe biyun yake, tsakiya ce wurin da ya fi ƙaranci, nan zobe yake samun sarari. Hani na biyu shi ne SlmA, furotin da ke zaune a kan DNA yana korar FtsZ daga duk inda nukiliyod yake, don kada bango ya sauko ya datse kuromosom. Yankin ter ne kaɗai ba shi da wuraren zaman SlmA, kuma shi ne yanki na ƙarshe da ke barin tsakiya. Don haka tsakiya ba ta buɗewa sai yawancin DNA ya kauce.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan idan ya lalace yana barin alama da ake gani a maikurosikof. Idan tsarin Min ya mutu, zobe yakan fito kusa da ƙarshen sel, ya yanke 'yar ƙaramar ƙwallo da babu kuromosom a cikinta, wadda ba za ta taɓa haihuwa ba. Idan FtsZ ko FtsI ne ya tsaya, sel zai ci gaba da girma yana kwafe DNA ba tare da yanka ba, ya zama dogon zare mai nukiliyod a jere. Daga nan ma sunan Fts, wanda a Turanci ke nufin zare mai jin zafi, ya samo asali: an gano waɗannan furotin ne a bakteriyar da ke rabuwa lafiya a digiri 30, amma ta koma zare a digiri 42. Maganin sefalekzin yana toshe FtsI a E. coli, shi ma ya ba da irin wannan zaren. Akwai kuma zaren da bakteriya ke yi da gangan. Idan DNA ya lalace, sel yana fitar da furotin SulA ya riƙe FtsZ har a gama gyara, sannan a rushe SulA, rabuwa ta ci gaba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce bakteriya ba ta da wani bincike kafin rabuwa. Tana da shi, sai dai bai kai na yukariyot tsauri ba.

Me ya hana sel ɗinmu bin wannan hanya

Sel ɗin jikin mutum yana da kuromosom 46, dogaye masu baki biyu, da haruffa fiye da biliyan 6. Idan aka miƙe DNA ɗin sel guda ya kai kusan mita 2. Bakin kwafinmu kuma mai nawa ne, bai wuce haruffa 50 a daƙiƙa ba, saboda DNA ɗin naɗe yake a jikin furotin histon. Ɗauki kuromosom na 1, mai haruffa kusan miliyan 248. Da mafari ɗaya ne a tsakiyarsa, kowane baki zai ci miliyan 124, a kan 50 a daƙiƙa, abin da ya kai kusan kwana 29. Amma sel yana gama kwafe duka 46 cikin kusan awa 8, saboda yana da mafarai dubbai masu yawa a warwatse.

Yawan mafarai ya magance matsalar lokaci, ya kuma haifo wata. Idan mafari ɗaya daga cikin dubban nan ya tashi sau biyu, wani yanki na kuromosom zai samu kwafi fiye da sauran, kuma igiyar na iya karyewa. A E. coli sake tashin oriC ba ya ɓata komai, domin duk zagayen da aka fara zai kwafe zoben gaba ɗaya. Mu kuwa dole kowane mafari ya tashi sau ɗaya tak. Dabarar ita ce raba zagayen sel matakai huɗu a jere, G1, sai S inda ake kwafi, sai G2, sannan maitosis: a matakin G1 ne kawai ake ɗora furotin MCM a kan mafarai, wato a ba su izini, a matakin S ne kawai ake tayar da su, kuma da zarar S ya fara an rufe ƙofar ba da sabon izini har sai an wuce maitosis. A sel ɗin mutum da ake renonsa a ɗakin gwaji, mai zagayen awa 24, G1 yakan ci kusan awa 11, S awa 8, G2 awa 4, maitosis kuwa awa ɗaya kacal.

Matsala ta biyu ita ce rabo. Bayan kwafi, kowane kuromosom ya zama tagwaye, ana kiran kowane ɗaya kuromatid, jimla 92. Dole kowace 'ya ta samu ɗaya daga kowane tagwaye. Da za a bar abin ga sa'a, damar tagwaye ɗaya su rabu daidai rabi ce, damar duka 46 su dace kuwa ɗaya ce cikin 2⁴⁶, kusan ɗaya cikin tiriliyan 70. Maitosis gaba ɗayansa an gina shi ne don warware wannan rabo.

Ɗauri, ja, sannan yanka

Sunayen matakai biyar, furofes da furometafes da metafes da anafes da telofes, sunayen abin da ido ke gani ne. Walther Flemming, wanda ya raɗa wa abin suna maitosis a 1882, zare ya gani a sel ɗin dabba, kalmar kuma daga sunan zare take a harshen Girka. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin sunayen bai wuce abu uku ba: a ɗaure tagwaye, a ja su ta fuskoki biyu don a tabbatar kowanne ya fuskanci nasa gefen, sannan a yanke ɗaurin gaba ɗaya.

Ɗaurin tun a matakin S ake yin sa. Furotin kohesin, mai siffar ƙawanya, yana rungume tagwayen tun suna fitowa daga bakin kwafi. Wannan shi ne yadda sel yake tuna wane kuromatid ne ɗan'uwan wane, awanni bayan an gama kwafi. Bakteriya ba ta buƙatar irin wannan dogon tuni, tun da nan take take rabawa.

A furofes, kondensin yana naɗe kowane kuromatid ya gajarce ya yi kauri, har a iya ganinsa. A sel ɗin dabba, sentirosom biyu suna matsawa gefe biyu, igiyoyin tubulin da ake kira maikurotubul suna fitowa daga cikinsu, su yi siffa mai kauri a tsaka da tsini a baki biyu, irin ta mazari da aka naɗe wa zare. A furometafes jakar nukiliyas ta wargaje, igiyoyin su samu shiga. Kowane kuromatid yana da wani faranti na furotin a ƙugunsa, kainetoko, wanda igiya ke kamawa. Kamun farko lalube ne: igiyoyi suna tsawo suna gajarcewa har ɗaya ta dace da kainetoko, don haka kuskure yana da yawa. Sau da yawa tagwaye biyu sukan kamu da igiyoyin gefe ɗaya.

A nan kohesin yake nuna amfaninsa na biyu. Idan tagwaye sun kamu daidai, ɗaya ga wannan gefe ɗaya ga wancan, igiyoyi suna ja, kohesin yana riƙewa, sai wurin ya ɗame kamar igiyar da mutum biyu ke ja. Idan gefe ɗaya suka kamu, babu ɗamewa. Enzayim Aurora B, wanda ke zaune tsakanin kainetoko biyun, yana kwance duk kamun da bai ɗame ba, a sake lalube. Kamun da ya ɗame kuwa yana janye kainetoko nesa da enzayim ɗin, ya tsira. Jeruwar kuromosom a tsakiyar sel da ake gani a metafes sakamakon wannan ja-in-ja ne.

Sai ƙofa ta ƙarshe. Duk kainetokon da igiya ba ta kama ba yana fitar da saƙon dakatarwa, ta hanyar furotin irin su Mad2, wanda ke hana wata na'ura mai suna APC/C aiki. Guda ɗaya cikin 92 ya isa ya tsayar da sel gaba ɗaya. A 1995 Conly Rieder da abokan aikinsa suka gwada haka: suka lalata kainetoko na ƙarshe da bai kamu ba da hasken leza, sai sel ya wuce anafes duk da kuromosom ɗin bai kamu ba. Wannan ya nuna saƙon daga wanda bai kamu ba yake fitowa. Idan na ƙarshe ya kamu, APC/C ya sa a rushe furotin sekurin, wanda yake riƙe da enzayim sefares. Sefares ya kuɓuta, ya yanke kohesin, tagwaye duka su rabu kusan a lokaci guda. Anafes ke nan, kuma ba a komawa baya. APC/C ɗin dai shi ke sa a rushe furotin saikilin B, abin da ke ba da damar telofes: jakar nukiliyas ta sake haɗuwa, kuromosom su warware.

Tambayar da ke yawan kayar da ɗalibai a nan ƙirga ce. A metafes sel ɗin mutum yana da kuromosom 46, kuromatid 92. Daga lokacin da aka yanke kohesin, kowane kuromatid ya zama kuromosom mai cin gashin kansa, don haka a anafes sel ɗin yana da kuromosom 92. Yawan DNA bai canja ba tsakanin matakan biyu, suna ne ya canja.

Maitosis rabon nukiliyas ne kawai. Raba jikin sel, saitokainesis, aiki ne daban: a dabba zoben aktin da mayosin ne ke tsuke sel kamar bakin jaka mai zariya, a tsiro kuwa sabon bango ake ginawa daga tsakiya zuwa gefe, akasin na bakteriya da ke tasowa daga gefe. Shaidar cewa ayyukan biyu daban suke tana cikin ƙwan ƙudan Drosophila, inda nukiliyas ke rabuwa sau 13 kafin a kewaye kowanne da nasa tantanin. Rabuwa gida biyu kuwa suna ne na aikin gaba ɗaya. Saboda haka kwatanci na adalci shi ne a aza rabuwa gida biyu kusa da dukkan zagayen sel na yukariyot, maitosis yanki ne kawai a ciki.

Ƙofar da ke gaban anafes, wato saƙon dakatarwa na kainetoko, tana da makanta guda. Idan kainetoko ɗaya ya kamu da igiyoyi daga gefe biyu a lokaci guda, a wurin sel ya kamu, saƙon dakatarwa ya yi shiru. A anafes sai a ga kuromosom ɗaya ya maƙale a tsakiya, ana jansa gaba da baya. Yakan ƙare a 'yar da ba tasa ba, ko a kewaye shi da 'yar ƙaramar jakar nukiliyas tasa shi kaɗai. Irin wannan kuskure yana cikin manyan dalilan da ke sa sel ɗin ciwon daji suke da kuromosom fiye ko ƙasa da 46. A guji kawo larurar Down a matsayin misali a nan, domin mafi yawanta daga kuskuren mayosis take, wato wata rabuwa daban da ake yi lokacin yin ƙwan haihuwa.

Magunguna ma suna bin wannan bambanci. Binkiristin yana hana maikurotubul ginuwa, fakilitakzel yana hana su rushewa; ta kowace hanya mazari ya lalace, sel ya tsaya a maitosis, shi ya sa ake amfani da su a kan ciwon daji, shi ya sa kuma suke taɓa gashi da ɓargo, inda sel ke yawan rabuwa. Ba sa maganin bakteriya, tun da ba ta da mazari. Fenisilin da danginsa kuwa masu ginin bangon feftidogilaikan suke toshewa, bangon da sel ɗinmu ba su da shi sam.

A kuma yi hattara da dokokin jadawali. Ba kowace bakteriya ke da kuromosom ɗaya ba: Vibrio cholerae, mai kawo kwalara, biyu gare ta. Ba kowace ce ke da zobe ba: na Borrelia miƙaƙƙe ne. Yis ɗin burodi kuma yana maitosis ba tare da ya wargaza jakar nukiliyas ba, mazarin a ciki yake ginuwa.

Ganin abin da ido a saiwar albasa

Bakteriya ta yi ƙanƙanta, kuma DNA ɗinta ba ya dunƙulewa ya zama sanduna, don haka maikurosikof na aji ba zai nuna maka komai ba sai sel masu ɗan tsukewa a tsaka. Albasa kuwa tana da kuromosom 16 manya. A ɗora albasa a bakin kofi, gindinta yana taɓa ruwa, kwana 3 zuwa 4, har saiwoyi su kai santimita 1 zuwa 2. A yanke milimita 2 na ƙarshen saiwa, domin a nan ne sel ke rabuwa. A sa a cikin asid haidurokulorik mai ƙarfin 1 M a digiri 60 na kusan minti 5, don ya sassauta abin da ke manne sel da juna. A wanke da ruwa, a ɗiga rinin aseto-osin, a jira 'yan mintuna, a rufe da siririn gilashi, a aza takarda mai tsotse ruwa a danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. A fara dubawa da ƙaramin ƙarfi, sannan a koma ×400.

Idan ka ga dogayen sel kamar bulo, kowanne da nukiliyas zagayayye, ka yanko sama da wurin da ya kamata. Sel masu rabuwa gajeru ne, kusan murabba'i. Idan sel sun hau kan juna, asid bai isa ba ko dannawa ta yi kaɗan. Idan rini ya ƙi kamawa, ba a wanke asid da kyau ba, ko saiwar ta daɗe a cikinsa fiye da kima. Idan kuromosom sun watse sun karkace, gilashin ya zame gefe lokacin dannawa.

Daga nan sai ƙirga. A ce ka ƙirga sel 500, ka samu 40 a cikin maitosis: 22 a furofes, 8 a metafes, 4 a anafes, 6 a telofes. Kason masu maitosis shi ne 40 cikin 500, kashi 8 cikin 100. Tun da sel ba tare suke tafiya ba, yawan waɗanda ka kama a wani mataki yana nuna tsawon lokacin matakin. Idan aka ba ka cewa zagayen awa 20 ne, wato minti 1,200, maitosis ya ci minti 96, anafes kuma 4 cikin 500 na 1,200, kusan minti 10. Lissafin yana ɗauka cewa duk sel 500 ɗin suna cikin zagaye; idan ka haɗa da dogayen sel na sama da suka daina rabuwa, kason zai faɗi ƙasa da gaskiya. Haka kuma sel 4 sun yi kaɗan a dogara da su, domin guda ɗaya da ka ɗauka anafes alhali farkon telofes ne zai motsa amsarka da kashi 25 cikin 100. A haɗa ƙirgar ɗaliban benci gaba ɗaya kafin a yi lissafin anafes.